Idan Aka Yanke Maka Albashi Bisa Kuskure

Ɗan yayata yana aiki a wani kamfani a Kano. Ranar da albashin Maris ya shiga ya zo mini da waya a hannu, ransa a ɓace, yana cewa, "Kawu, sun cinye mini kuɗi." Na tambaye shi nawa ne, kuma a wane layi. Bai sani ba. Nan ne yawancin ma'aikata ke faɗuwa, domin mai lissafin albashi ba ya gyara komai saboda an ce masa kuɗi bai cika ba. Sai an nuna masa layin da ya kauce da adadin da ya kamata ya zauna a wurin.

Muka shimfiɗa takardar albashinsa a kan tabarma. Tushen albashi naira 100,000, kuɗin gida 50,000, na mota 30,000, alawus ɗin aikin dare 20,000, jimla 200,000. An cire fansho 32,400, haraji 15,140, da 10,000 na adashin ma'aikata. Abin da ya shiga asusunsa 142,460.

Layin fansho ne ya tsaya mini a rai. Dokar fansho ta 2014 ta ce ma'aikaci zai ba da aƙalla kashi 8 cikin ɗari, wanda ya ɗauke shi aiki ya ba da kashi 10 daga aljihunsa. A takardar ɗaukarsa aiki, lissafin yana kan tushen albashi da kuɗin gida da na mota, wato 180,000. Kashi 8 na wannan shi ne 14,400. To ina 32,400 ya fito? Kashi 18 ne daidai. An haɗa kason kamfani da nasa an ɗora masa shi kaɗai, an yi masa ƙarin 18,000.

Nan take ya ce to su biya shi dubu goma sha takwas. Na ce a'a, kuma wannan ne wurin da na fi so mai karatu ya tsaya. Ana cire fansho ne kafin a lissafa haraji. Da aka zabga masa fansho fiye da kima, harajinsa ma ya ragu. Idan kuɗin ya dawo cikin albashi, haraji zai hau kansa. A dokar harajin da ta fara aiki a Janairun 2026, naira 800,000 na farko a shekara ba haraji, abin da ya biyo baya har zuwa miliyan uku kuma kashi 15 ne, kuma a nan shi yake. Kashi 15 na 18,000 shi ne 2,700. Saboda haka harajinsa na gaskiya 17,840 ne, abin da yake bin su kuwa 15,300. Wanda ya nemi 18,000 ya ba mai lissafi damar cewa lissafinka ba daidai ba ne, a ture takardar gefe.

Wasiƙar ba ta wuce shafi ɗaya ba. Ya sa kwanan wata, sunansa, lambarsa ta ma'aikaci da sashensa, sannan ya rubuta wa shugaban sashen albashi kamar haka: "Ranka ya daɗe, a albashina na Maris an cire fansho naira 32,400, alhali kashi 8 na 180,000 shi ne 14,400. Idan aka gyara, daga jimlar 200,000 za a cire fansho 14,400, haraji 17,840, adashi 10,000, ya rage 157,760. An biya ni 142,460, saura 15,300. Ina roƙon a biya ni wannan tare da albashin Afrilu, a kuma gyara layin kada ya maimaitu." Ya so ya ƙara cewa an zalunce shi, na hana. Mutumin da ya yi kuskuren shi ne zai gyara, kuma sai ya kai wa na gaba da shi ya sa hannu. Takarda mai zargi ba ta saurin barin tebur.

Ya haɗa da kwafin takardar albashin Fabrairu da ta Maris, da shafin takardar ɗaukar aiki, da bayanin asusunsa daga kamfanin da ke riƙe masa fansho. Wannan na ƙarshe yana faɗin inda kuɗin ya tafi. Idan 32,400 ne ya shiga a watan, to kamfani bai sa ko kwabo nasa ba. Idan 50,400 ne, an tura fiye da kima, kuma dawo da shi zai ɗan ɗauki lokaci tunda ya bar hannun ofishin albashi.

Kwafi biyu ya kai. Ya miƙa ɗaya, aka buga masa hatimi da kwanan wata a kan ɗayan, ya dawo da shi gida. Na kuma ce ya kai tun a makon farko na wata, kafin a rufe jadawalin albashi, in ba haka ba gyaran sai watan gaba da shi.