Shafin da ke neman shaida kafin ya buɗe ƙofa

A ranar 15 ga Yulin 2020, shafukan Tuwita na Barack Obama da Joe Biden da Bill Gates da Elon Musk suka fara wallafa saƙo iri ɗaya, wai duk wanda ya turo kuɗin Bitkoyin za a ninka masa. Kafin a shawo kan lamarin, 'yan damfara sun kwashi sama da dala 100,000. Kamfanin ya ce an kai wa asusu 130 hari, an kuma yi rubutu daga 45 a cikinsu. Masu kutsen ba su fasa kalmar sirrin ko ɗaya daga cikin waɗannan manyan mutane ba. Sun bi ta shafin cikin gida ne, wanda ma'aikata ke amfani da shi wajen gudanar da asusun jama'a.

Binciken hukumar kula da harkokin kuɗi ta jihar New York ya nuna yadda aka yi. An riƙa kiran ma'aikata a waya da sunan sashen gyaran kwamfuta na kamfanin, ana tura su wani shafin jabu mai kama da na gaske. Ma'aikaci na shigar da kalmar sirrinsa a can, ɓarawo na kwafe ta yana sawa a shafin gaskiya nan take. Har matakin tabbatarwa na biyu wasu suka amince da shi da hannunsu.

Kusan kowace ma'aikata mai shafin intanet tana da irin wannan ɗaki na ciki, galibi da suna kamar `admin.example.com`. Da yawa suna kwantar da hankali da cewa ba wanda ya san adireshin. Wannan zato ba shi da tushe. Tun 2018 burauzar Chrome ta wajabta a shigar da duk sabuwar takardar shaida da hukumomin duniya suka bai wa shafi a cikin rajistocin da kowa ke iya dubawa. Mutum ya je `crt.sh` ya rubuta sunan kamfani, sai sunayen ƙananan shafukan da aka yi wa takarda su fito masa jere.

Maganin da ƙwararru ke kira mTLS ya ginu ne a kan TLS, tsarin da ke bayan `https` ɗin da ake gani a farkon adireshi. A TLS na yau da kullum, sabar ce kaɗai ke gabatar da kanta: tana miƙa wa burauza takardar shaida, burauza ta duba sa hannun hukumar da ta bayar, sannan su kulle hirarsu. Baƙo kuwa ba a tambayarsa komai a wannan mataki. A mTLS kowane ɓangare sai ya nuna tasa takardar.

Ga yadda take gudana a TLS 1.3, wanda aka fitar a watan Agustan 2018. Kwamfutar ma'aikaciya tana da mabuɗai biyu da lissafi ya haɗa su, ɗaya na sirri da ba ya barin na'urar, ɗaya na fili da ke cikin takardar shaidarta tare da sunanta da ranar ƙarewa. Da ta nufi shafin, sabar za ta aiko da buƙata mai suna `CertificateRequest`. Burauza ta miƙa takardar, sannan ta bi ta da `CertificateVerify`, wato sa hannu da mabuɗin sirri a kan duk abin da ɓangarorin biyu suka faɗa wa juna tun farkon wannan gaisuwa.

A wannan sa hannun ƙarfin tsarin yake. Takardar ita kaɗai ba sirri ba ce, wanda ya kwafe ta bai samu komai ba matuƙar ba shi da mabuɗin. Sa hannun kuma na gaisuwa ɗaya ne tak, domin abin da aka sa wa hannun ya ƙunshi takardar sabar da aka yi magana da ita da lambobin da ba a maimaitawa. Ko shafin jabu ya yaudari burauza ta sa masa hannu, ba zai iya kai wannan sa hannu ga sabar gaskiya ya karɓu ba. Ma'aikaciya kuma ba ta da abin da za ta karanta wa mai kira a waya. Dabarar kwafe kalmar sirri a nan take ƙarewa.

A ɗauki ƙaramin kamfani mai ma'aikata goma sha biyu da ke amfani da sabar nginx. Zai ƙirƙiri hukumar shaida tasa ta cikin gida, ya yi wa kowane ma'aikaci takardarsa, sannan ya ƙara layi uku a saitin shafin gudanarwa kaɗai:

```
ssl_client_certificate /etc/nginx/ca.pem;
ssl_verify_client on;
ssl_crl /etc/nginx/crl.pem;
```

Layin farko ya faɗi hukumar da aka yarda da sa hannunta, na biyu ya wajabta takardar, na uku ya nuna jerin takardun da aka soke. Baƙon da ya zo hannu biyu zai ga lambar 400 da saƙon `No required SSL certificate was sent`. Ko gurbin shigar da kalmar sirri ba zai gani ba. Amfanin haka ya wuce batun satar kalma: idan manhajar gudanarwar tana da wata kafa da ba a toshe ba tukuna, masu laluben intanet ba za su kai gare ta ba balle su gwada.

Wahalar tana cikin kula da takardun. Ranar da ma'aikaci ya bar aiki ko aka sace kwamfutarsa, dole a soke takardarsa, a sabunta jerin, a sa nginx ta sake karanta saitinta. Jerin sokewar ma yana da wa'adi. Idan ya cika ba a sabunta ba, sabar za ta kori kowa har da mai kamfanin, kuma alamar ita ce duk ma'aikata su faɗi a lokaci guda da saƙon `The SSL certificate error`. Mutum ɗaya ne ya faɗi, to a fara duba ranar ƙarewar takardarsa. Kuskure mafi muni shi ne barin manhajar da ke bayan nginx tana amsa kira kai tsaye daga intanet ta wata tasha. An kulle ƙofar zaure ke nan an bar katangar baya a rushe.

Inda aka ajiye mabuɗin ma yana da tasiri. Fayil na `.p12` da aka tura ta imel kowa na iya kwafe shi. Gara a ƙirƙiri mabuɗin a cikin guntun TPM na kwamfutar ko a ƙaramar na'ura irin YubiKey, inda ba ya fita. Kamfanin Google ya bi wannan hanya ta bai wa na'urorin ma'aikata takardar shaida a tsarinsa na BeyondCorp, wanda ya fara bayan kutsen da aka yi masa a 2009.

Takardar tana tabbatar da cewa na'urar da ta zo tana riƙe da mabuɗin, amma ba ta san wanda ke zaune a gabanta ba. Muguwar manhaja da ta kama kwamfutar ma'aikaci za ta iya bi ta burauzarsa ta shiga, haka ma ma'aikacin da aka saye da kuɗi. Shi ya sa bai kamata a cire kalmar sirri da mataki na biyu ba bayan an sa mTLS. Manhajar gudanarwa kuma ita ce har yanzu za ta raba iko, ta hana mai amsa koken abokan ciniki sauya imel ɗin asusun wani, ta kuma rubuta sunan duk wanda ya taɓa wani abu da lokacin da ya taɓa shi.