Kafin Ka Miƙa wa Yaron Shago Makulli

A yawancin shagunan garuruwanmu, ɗaukar yaro na farko ba ya wuce magana guda: "Gobe ka fara zuwa, ka riƙa taimaka mini." Yaron kuwa galibi ɗan ƙanwa ne, ko ɗan maƙwabci, ko wanda wani dattijo ya kawo ya ce ga amana. Nauyi ba ya barin mai shago ya faɗi abin da yake so dalla-dalla, shi kuma yaron ba zai iya duban idon babba ya tambayi nawa za a ba shi ba. Sai a fara aiki kowa da lissafinsa a ciki. Ranar da lissafin ya ci karo, maigida ya ce yaro ya ci amana, yaro ya ce an ci guminsa, magana ta kai ga iyaye.

Abin da ke rage wannan rigima takarda ce shafi guda, da boko ko da ajami, wadda ta fayyace aikin. Amma kafin a ɗauki biro, akwai tambayar da sai mai shago ya amsa wa kansa: ma'aikaci yake nema mai albashi, ko yaron da zai koyi kasuwanci a yaye shi da jari bayan wasu shekaru? Hanyoyin biyu duk sanannu ne a kasuwanninmu, cuɗa su ne ke jawo ɓacin rai. Yaro ya yi shekara huɗu yana karɓar kuɗin abinci kawai yana jiran sallama, alhali maigida a ransa kuɗin abincin nan shi ne albashin. Layin farko na takardar ya raba wannan gardama.

Mu ɗauki mai kantin kayan masarufi a wata unguwa a Kano, mai sayar da shinkafa, taliya, sukari, madara da sabulu. Yana son yaro ne domin duk ranar da ya shiga kasuwar Singa sarin kaya, sai ya garƙame shagon, ciniki ya wuce shi. Hanya mafi sauƙi gare shi ita ce ya yi mako guda yana rubuta duk abin da hannunsa ya taɓa, daga buɗe ƙofa zuwa kashe fitila. Daga nan ya ware abin da yaron zai yi da kansa, da abin da sai ya kira waya, da abin da ba ruwansa da shi sam, kamar sarin kaya da biyan diloli.

Wajen rubutu, a guji kalmomin da ba a iya auna su. "Kula da shago" ba ta faɗi komai ba, haka ma "riƙon amana". A rubuta abin da ido zai iya gani: buɗe shago ƙarfe 7:30 na safe, share ciki da bakin ƙofa, goge kanta, jera kaya a sa tsofaffi a gaba sababbi a baya don kada madara ta lalace a lungu, rubuta duk abin da ya kusa ƙarewa kafin la'asar. Yaron da aka ba irin wannan ya san ya yi ko bai yi ba, ba sai ya karanci fuskar maigida ba.

Inda ya kamata a zauna sosai shi ne maganar kuɗi, don nan ne zumunci ke karyewa. Mai saye zai ce, "Haba ɗan samari, ai Alhaji yana rage mini." Yaro ya rage ya sha faɗa, ya ƙi ragewa a ce ya kori abokin ciniki. To a sa masa iyaka a rubuce: yana iya rage har naira 200 a katan, abin da ya haura haka sai ya kira. Bashi ma haka. A ba shi sunayen waɗanda aka yarda su ɗauki kaya, da iyakar kowa, wanda ba ya cikin littafin kuwa, ko ƙanin Alhaji ne, sai an tambaya. Wannan kariya ce ga yaron, domin zai iya cewa, "Baba, ka yi haƙuri, ba ni da iko," ba tare da an ce ya yi rashin kunya ba. Idan kuma mai saye ya ce ya tura kuɗi ta waya, kaya ba sa fita sai an ga kuɗin sun shiga asusun shago. Hoton rasit a wayar mai saye ba shaida ba ce, kuma kada a taɓa karɓar kuɗin ciniki a asusun yaron, ko da hanyar banki ta tsaya.

Sai lissafin dare, wanda shi ma a rubuta yadda ake yin sa. A ce an bar canjin naira 10,000 da safe, littafi ya nuna an yi cinikin 86,000, daga ciki 31,000 ta waya aka turo, 5,000 kuma bashi ne. Abin da ya kamata a tarar a aljihun tebur naira 60,000 ne. In aka ƙirga aka ga 58,500, a daren nan za a nemi 1,500 ɗin, lokacin da yaro bai manta wanda ya ba canji ba. Giɓin da aka bari sai ƙarshen wata ba a gano bakin zarensa, zargi kawai yake haifarwa. Masu shago da yawa kan zaftare irin wannan giɓi daga albashi kai tsaye, ba su san cewa dokar ƙwadago ta Nijeriya ta hana cin ma'aikaci tara ba, kuma cire kuɗin asarar da ya jawo da gangan ko da sakaci sai da amincewar jami'in ƙwadago.

Dokar nan ta kuma wajabta wa mai ɗaukar aiki ya ba ma'aikaci bayani a rubuce kafin ya wuce wata uku da farawa, mai ɗauke da irin aikin, da albashi da lokacin biyansa, da awannin aiki, da hutu, da wa'adin sallama. Ta ba ma'aikaci hutun kwana guda a kowane mako. Wa'adin rabuwa kuwa kwana ɗaya ne ga wanda bai wuce wata uku ba, mako guda ga wanda ya haura haka amma bai kai shekara biyu ba. Mafi ƙarancin albashi na naira 70,000 da aka sa wa hannu a 2024 bai hau kan mai ma'aikata ƙasa da 25 ba, sai dai wannan ba lasisin biyan abin da ko kuɗin mota ba zai isa ba ne. A rubuta adadin, da ranar biya, da ko abincin rana yana ciki.

Akwai wani abu da kusan kowa ke tsallakewa: aiken gida. An ɗauki yaro don shago, sai ga shi yana kai cefane, yana ɗauko yara daga Islamiyya, yana wanke mota. In ana son ya yi, a faɗa tun farko a sa a takarda, a kuma faɗi wanda zai tsare shagon in ya fita, don kada a tuhume shi da kayan da suka ɓace ba ya nan. Lokutan salla da Juma'a ma a fayyace ko rufewa za a yi ko karɓa-karɓa.

In an gama, a karanta wa yaron a gaban wanda ya kawo shi, a bar shi ya yi tambaya, kowa ya sa hannu ya riƙe kwafinsa. A sa ranar da za a sake zama, bayan wata guda, domin a lokacin aikin da aka manta ba a rubuta ba ya fito fili. Makulli da ikon ba da bashi ana iya jinkirta su zuwa wannan zama na biyu, a rubuta hakan tun ranar farko don kada yaron ya ɗauka zarginsa ake yi.