Jadawalin da Ba Shi da Suna a Cikin Rahoto

Manyan ma'aikata da malaman da ke duba kundin ɗalibai ba su cika karanta rahoto daga farko zuwa ƙarshe ba. Sukan buɗa shafuka, idonsu ya faɗa kan jadawali ko zane, su tsaya a nan. Saboda haka dole ne jadawalin ya iya bayyana kansa, ko da mai karatu bai ga sakin layin da ya gabace shi ba. Wannan shi ne aikin take, wato layin da ke ɗauke da lambar jadawalin da bayanin abin da ya ƙunsa.

A ɗauki rahoton da ke son nuna yawan jama'a a wasu jihohin Arewa. Marubuci ya jera Kano 9,401,288, Kaduna 6,113,503, Katsina 5,801,584, sannan ya rubuta a sama: "Yawan jama'a". Wannan take bai biya buƙata ba. Jama'ar ina, kuma a wace shekara? An ƙirga su ne, ko hasashe aka yi? Wanda ya dace shi ne: "Jadawali na 3: Yawan jama'a a jihohin Kano, Kaduna da Katsina, ƙidayar 2006". A ƙasan jadawalin kuma a faɗi inda aka samo alƙaluman, wato Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa.

A nan ma akwai wani tarko. Ƙidayar 2006 tana da sakamako biyu: na wucin gadi da aka sanar a farkon 2007, wanda ya ba Kano 9,383,682, da na ƙarshe da aka wallafa a 2009. Idan rahoto ya kawo ɗaya a jadawali, ɗayan kuma a cikin bayani, ba tare da ya faɗi wanne ne wanne ba, mai dubawa zai ɗauka kuskure ne ko ƙage. Kalmomi biyu, "sakamakon ƙarshe", a bayanin da ke ƙasan jadawalin sun isa su kashe wannan zargi.

Al'adar da aka fi sani ita ce taken jadawali ya zauna a samansa, domin daga sama ake karanta shi, na zane ko hoto ko taswira kuma a ƙasa. Amma ba doka ba ce: bugu na bakwai na tsarin APA yana ɗora su duka a sama. A bi ƙa'idar jami'a ko ma'aikatar da za ta karɓi aikin, kuma kada a sauya a tsakiya. Jadawalai suna da jerin lambobinsu, zane-zane suna da nasu daban. A dogon rahoto akan haɗa da lambar babi, ta yadda 4.2 ke nufin na biyu a babi na huɗu. Zane kuwa, kowane gefe nasa sai an rubuta abin da yake aunawa da ma'auninsa: naira ce ko miliyoyin naira, buhu ne ko tan.

Inda aka fi sakaci, a ganina, shi ne wajen ambaton jadawalin a cikin rubutu. "Duba jadawalin da ke ƙasa" magana ce mai rauni, domin da zarar an ƙara sakin layi ɗaya, jadawalin na iya tsallakawa zuwa wani shafi. A kira shi da lambarsa, a ambace shi kafin ya bayyana, kuma a faɗa wa mai karatu abin da zai lura da shi: "Jadawali na 3 ya nuna Kano ta fi Katsina da mutum sama da miliyan uku da rabi." Ba sai an sake karanto duk alƙaluman ba. Jadawalin da rubutu bai ambace shi ko sau ɗaya ba kuwa, ko dai a cire shi ko a mayar da shi rataye.

Masu buga lambobin da hannu sun san wahalar da ke biyo baya idan aka cusa sabon jadawali a tsakiya: na 3 ya koma na 4, amma bayanin yana nan yana cewa 3. A Microsoft Word, ƙarƙashin References, akwai Insert Caption, kuma maɓallin New Label zai ba ka damar sa kalmar "Jadawali". Wajen ambato a yi amfani da Cross-reference. Bayan kowane gyara, a danna Ctrl+A sannan F9, lambobin su daidaita. Idan ka ga "Error! Reference source not found." a tsakiyar jimla, to an goge taken da jimlar ke nuni gare shi, sai ka sake haɗa ta da jadawalin da ya dace kafin a kai wa mai bugawa.