Littafin Naira Dubu Ɗaya a Hannun Mutum Ɗari

Marubuciyar da ke sayar da littafinta ta WhatsApp kan karɓi kuɗi ta banki, mai saye ya turo shaidar biya, ita kuma ta aika masa da PDF. Daga nan ikonta ya ƙare, domin mutum ɗaya na iya tura shi cikin rukunin mutum ɗari kafin la'asar.

Kulle littafin da lambar sirri ba ya hana komai. Tare suke tafiya. Abin da ya fi tasiri shi ne buga sunan mai saye a kowane shafi, don wanda ya fitar a gane shi. Sannan farashi ya yi sauƙi, har saye ya fi roƙo daɗi. Kuma kafin ki tura, duba asusunki da kanki, domin ana ƙirƙirar shaidar biya ta bogi.