Daga Kunne Zuwa Ido: Yadda Ake Mayar da Shirin Fodkas Bidiyon da Mai Nema Zai Samu

Manomin albasa a Aliero da kayansa suka fara ruɓewa a rumbu ba ya neman "kashi na goma sha huɗu" na wani shiri. Wayarsa yake ɗauka, ya buɗe YouTube, ya rubuta "yadda ake adana albasa". Ko da wani ya taɓa zaunar da masana uku suka warware masa wannan matsala tsaf cikin minti 48, muddin hirar tana kwance a matsayin murya zalla, ba suna ba bayani, manomin zai wuce ta bai san da ita ba.

Fodkas shi ne shirin murya da ake sakawa a intanet domin a saurara lokacin da aka ga dama, kamar Najeriya a Yau da Daga Laraba na jaridar Aminiya. A 'yan shekarun nan irin waɗannan shirye-shirye suna ta ƙaura zuwa dandalin bidiyo. A 2023 YouTube ya buɗe sashen fodkas ga masu tashoshi, a 2024 kamfanin Google ya rufe manhajarsa ta Google Podcasts ya tura masu saurare zuwa YouTube Music, sannan a Fabrairun 2025 YouTube ya sanar cewa masu kallon fodkas a dandalin sun haura biliyan ɗaya a kowane wata. Can kasuwar ta koma ci. Sai dai kai kaya kasuwa daban, a gan su daban, kuma abin da ke sa a gan su shi ne rubutun da aka yi wa bidiyon.

Matakin farko shi ne sama wa muryar jiki, domin shafin ɗora bidiyo na YouTube ba ya karɓar fayil na MP3. Wanda ya ɗauki hirar da kyamara tun farko ya huta. Wanda murya kawai gare shi yana da hanya biyu. Ko dai ya haɗa tasharsa da adireshin RSS na shirinsa, wato hanyar da fodkas ke bi ya isa manhajoji, YouTube ya riƙa ɗauko kowane kashi yana lulluɓa masa hoton shirin, ko kuma ya haɗa bidiyon da hannunsa. Ta farko ta fi sauƙi, amma sau da yawa kashi hamsin sukan fito da fuska ɗaya kamar buhunan siminti. Ta biyu tana ba kowane kashi hotonsa da rubutunsa.

A waya, manhaja irin CapCut ta wadatar: a ɗora hoto, a ɗora murya, a ja hoton ya kai tsawon muryar. Mai kwamfuta kuwa zai iya amfani da FFmpeg, wadda kyauta ce, da umarni guda:

```
ffmpeg -loop 1 -i hoto.jpg -i shiri.mp3 -c:v libx264 -tune stillimage -c:a aac -b:a 192k -pix_fmt yuv420p -shortest shiri.mp4
```

Umarnin yana maimaita hoton har muryar ta ƙare, sannan ya tsaya. Hoton ya zama mai faɗi, 1280 da 720 ko 1920 da 1080, rubutun kansa kuma manya-manya, don yawancin masu kallo a waya suke, wasu ma sun rage ingancin hoton don tattalin data. Akwai kuma shingen da ke tare sababbin tashoshi: wanda bai tabbatar da lambar wayarsa ba ba zai iya ɗora bidiyon da ya wuce minti 15 ba, kuma ba zai iya sa hoton bango na kansa ba. Mutane da dama sai sun ƙona data sun ɗora hirar sa'a guda sannan suke sanin haka.

A ɗauki wannan hira ta albasa a matsayin misali. Mai gabatarwa ya tattauna da malamin gona, da dillali, da wata manomiya. A manhajar fodkas sunan kashin "Kashi na 14: Zama da manoma". Wannan suna yana yi wa tsohon mai saurare aiki, amma baƙo ba abin da zai tsinta a ciki. YouTube ya ba take haruffa 100, kuma a waya yakan datse ƙarshensa, don haka kalmomin da ake nema su ne za su zo gaba: "Yadda ake adana albasa wata shida ba ta ruɓe ba", lambar kashi ta biyo a baya. Sharaɗin shi ne hirar ta amsa abin da taken ya ɗauka. Idan baƙi ba su taɓa zancen wata shida ba, ba a sa shi, domin mai kallon da aka yaudara minti biyu zai yi ya fita.

Hanyar gano kalmomin da jama'a ke amfani da su ba ta da wuya. A fara rubuta "adana alb" a akwatin bincike, a ga abin da YouTube zai ƙarasa da shi. Waɗannan shawarwari daga abin da mutane ke nema suke fitowa. Idan an ga "ajiye" ta fi "adana" yawo, sai a yi amfani da duka biyun cikin bayanin.

Akwatin bayani yana ɗaukar haruffa 5000, amma layukan farko kaɗai ake gani kafin a latsa don ganin sauran. A nan ne mutane suka fi yin asara: su cika wurin da gaisuwa da roƙon a danna ƙararrawa. Wurin na taƙaitaccen bayani ne, jimla biyu ko uku da ke faɗin matsalar da amsar. Misali: albasa takan ruɓe a ajiya idan an cire ta ba ta ƙosa ba, ko an tara ta ba ta bushe ba, ko rumbun ba ya shan iska; a wannan kashi baƙi uku sun bayyana yadda ake busar da ita, da irin rumbun da ya dace, da lokacin fitar da ita kasuwa. Wanda ya karanta wannan ya san ko zai ba da minti 48 na rayuwarsa. Injin bincike ma ya samu "albasa", "ruɓe", "rumbu" da "kasuwa" cikin magana mai ma'ana. Jera kalmomi barkatai a ƙasan bayani don jawo bincike kuwa ya saɓa wa dokokin YouTube.

Sai jerin baƙi. Kowane baƙo layinsa daban: cikakken suna yadda shi kansa yake rubuta shi, aikinsa, da garinsu. Dalilin a fili yake, mutane suna neman mutane da sunayensu. Ɗalibin malamin gonan nan zai rubuta sunan malaminsa, kuma idan an sa Muhammad alhali shi Mohammed yake rubutawa, an rage damar haɗuwarsu. Idan an fi sanin baƙo da laƙabi, a haɗa da shi. Idan yana da tasha, a sa sunanta mai farawa da alamar @, wanda ke zama mahaɗin da za a latsa. Akwai kuma haƙƙi a nan. Matar da ta yarda a ɗauki muryarta ba lallai ta yarda hotonta da sunan ƙauyensu su hau intanet ba, don haka a sake tambayarta kafin a ɗora. Lambar wayar baƙo kuwa ba ta shiga bayani sai shi ya nema.

Abin da ke mayar da doguwar hira kamar littafi mai babi-babi shi ne jerin lokuta. Ana rubuta shi cikin akwatin bayanin:

```
00:00 Gabatarwa
02:10 Me ke sa albasa ruɓewa
11:45 Busar da albasa bayan cirewa
23:30 Rumbu mai shan iska
36:05 Lokacin kai wa kasuwa
44:20 Tambayoyin masu saurare
```

Ƙa'idojin uku ne: na farko ya fara da 00:00, a samu aƙalla guda uku a jere daga ƙarami zuwa babba, kuma kowane babi ya kai daƙiƙa 10. Idan an cika su, layin da ke ƙasan bidiyon zai rarrabu gida-gida, dillalin da farashi kawai ya dame shi ya tsallaka minti na 36 kai tsaye. Idan layin bai rarrabu ba, galibi an manta da 00:00 ne. Kuskuren da ya fi ɓoyuwa shi ne kwafo lokutan daga fayil ɗin murya bayan an ƙara wa bidiyon gabatarwar daƙiƙa 20: duk babin zai faɗa tsakiyar maganar da ta gabace shi. Daga bidiyon ƙarshe ake ɗaukar lokaci, a latsa kowanne a saurara.

Mai rubutu da Hausa yana da wata matsala tasa. Daidaitaccen rubutu yana da ƙ da ɗ da ɓ, amma mafi yawan masu bincike "rube" da "kasa" suke bugawa, domin allon wayarsu ba shi da haruffa masu ƙugiya. A Nijar kuma akwai mai rubuta Damagaram, akwai mai rubuta Zinder, kuma albasar Galmi an san ta a kasuwannin Afirka ta Yamma da sunanta na Faransanci. Mafita ita ce a rubuta take da bayani daidai, sannan a zuba sauran sigogin a akwatin da aka rubuta wa Tags a YouTube Studio. YouTube da kansa ya ce wannan akwati ba ya taka rawa sosai wajen gano bidiyo, sai dai idan kalma ce da ake yawan rubutawa ta hanyoyi daban-daban, kuma halin da Hausa take ciki ke nan. A kuma zaɓi Hausa a matsayin harshen bidiyon. Wanda ke da rubutacciyar hirar zai iya ɗora ta a matsayin fayil na SRT, kurame da masu kallo a cikin hayaniyar tasha su amfana.

Abu biyu ake dubawa kafin a saki bidiyo. Na ɗaya kiɗan buɗe shiri: idan na wani ne, tsarin Content ID na iya gano shi, kuɗin talla ya tafi ga mai waƙar ko a toshe bidiyon a wasu ƙasashe. Na biyu, YouTube ba ya bari a musanya fayil ɗin bidiyon da aka riga aka ɗora. Take da bayani da jerin lokuta ana gyara su kowane lokaci, amma idan muryar ce ta lalace sai an sake ɗorawa a sabon adireshi, adadin masu kallo ya koma sifiri. Shi ya sa ake fara ɗora shi a matsayin Unlisted, a kalla a waya, sannan a buɗe wa jama'a.

Bayan mako biyu ko uku, sashen Analytics na YouTube Studio zai nuna inda masu kallo suka fito, har da ainihin kalmomin da suka rubuta. Idan bidiyon yana bayyana wa mutane amma ba sa latsawa, matsalar tana take ko hoton bango. Idan suna latsawa suna fita a minti na farko, ko dai gaisuwar ta yi tsawo ko taken ya yi alkawarin da hirar ta makara wajen cikawa. Idan kuma aka ga yawancinsu da "farashin albasa" suka iso, to babin minti na 36 ne ke jawo su. Sai mai shirin ya koma ya ɗaga zancen farashi zuwa jimlar farko ta bayanin, ya yanko wannan babi ya yi gajeren bidiyo da shi, sannan ya nemi dillalin ya dawo kashi na 15.