Sana'ar Tafinta: Inda Kuskure Yake Ɓuya

Tafinta shi ne mai tsayawa tsakanin mutum biyu da ba sa jin harshen juna, ya isar da maganar kowa ga ɗan'uwansa ba ƙari ba ragi. Jarin sana'ar bai wuce waya da littafin rubutu da biro ba. Ana biyan ladan aikin baki bisa awa ko yini, na takarda kuma bisa shafi. Wahalarta ba a manyan kalmomin Turanci take ba, tana cikin ƙananan kalmomin da kowa yake zaton ya sani.

A kasuwa, lissafin kuɗi ne tarko. A ce ɗan kasuwa daga Maraɗi ya zo Dawanau da ke Kano, yana ciniki da baƙo mai jin Turanci kaɗai. Idan ya ce "jaka goma", sai tafinta ya dakata. A Nijar jaka sefa 1,000 ce, a Najeriya kuwa naira 200. Saboda haka gwanin tafinta yakan tambayi irin kuɗin da ake nufi, ya rubuta adadin da lamba, kowa ya gani kafin a ce an sallama. Ba ya karɓar la'ada a ɓoye daga ɓangare ɗaya, domin da zarar ya karɓa ya koma dillali.

A asibiti abin ya fi haɗari. Mara lafiya yakan ce, "Kwana biyu ba na jin daɗi," alhali ya yi wata guda yana tari. Idan aka faɗa wa likita kwana biyu cif, an batar da shi. Sai tafinta ya nemi izinin likita ya tambaya: tun yaushe, kafin salla ko bayanta? Da an rubuta magani, yakan sa mara lafiya ya maimaita yadda zai sha da bakinsa, domin "to" ba shaidar fahimta ba ce. Mace kuma takan ɓoye ciwonta don kunyar tafinta namiji, shi ya sa ake neman mata a wannan aiki. Abin da aka ji a ɗakin likita can ake barinsa.

A aikin takarda, suna ne yake kawo cikas. Bahaushe yana da sunan yanka da na mahaifi, wani ya ƙara da na gari. Idan aka sa sunan gari a gurbin `Surname` a banki, amma na mahaifi a rajistar NIN, bayanan ba za su dace ba, kuma gyaran yakan kai ga takardar rantsuwa a kotu. Don haka mai cike fom yakan kwafi suna da ranar haihuwa harafi da harafi daga katin da ke hannun mai shi, sannan ya karanta masa duka da Hausa kafin ya sa hannu ko ya dangwala yatsa.