Me ya hana a kira shi intabiyu?

Ɗan yayata manajan rarraba kaya ne a wani kamfanin abinci a Kano. Ya shekara 14 yana aiki, shida a ciki a kan wannan kujera. Ya nemi muƙamin darakta a wurare da dama, ko ɗaya ba a kira shi intabiyu ba. Abin da ya fi ci masa rai shi ne, wani da ya shigo aiki bayansa ya nema a wuri guda da shi, kuma an kira wancan. Da yake na daɗe ina zama a kwamitin ɗaukar ma'aikata, sai ya kawo mini ƙorafinsa.

"Kawu, rashin hanya ne kawai," in ji shi.

Ban musa cewa hanya tana aiki a ƙasar nan ba. Amma a ɗaya daga cikin wuraren, tsohon maigidansa ne da kansa ya miƙa sunansa, kuma duk da haka shiru. Sai muka duba ilimi. Yana da digiri na biyu a harkar kasuwanci, wancan yaron ba shi da shi. Shekarun aiki ma ya fi shi. Abu ɗaya ya rage, takardar tarihin aikinsa.

Shafi biyar ce. Shafin farko ya tafi a ranar haihuwa, jiha, ƙaramar hukuma da makarantar firamare. Sauran jerin ayyuka ne: kula da sito, kula da direbobi, shirya rahoton wata, halartar taron shugabanni. Duk gaskiya ne, amma manajan da ke da mutum goma da mota biyu zai iya rubuta waɗannan layuka daidai da daidai. Mai neman ɗaukar darakta yana so ya san girman abin da ka riƙe, kuma babu inda takardar ta faɗa.

Na tambaye shi mutum nawa ne a ƙarƙashinsa, ya ce 140. Da muka warware, shida ne ke kawo masa rahoto kai tsaye, kowannensu shugaban sito ne ko na motoci. Ƙarƙashin waɗannan akwai ma'aikatan dindindin 58, sauran 76 direbobin kwantiragi ne da 'yan dako. Na ce ya rubuta su a rarrabe. In ka ce 140 dunƙule, aka tono, za a ce ka kumbura lissafi. Kuma shidan nan sun fi nauyi a idon kwamiti, domin darakta shugabanni yake shugabanta, shi kuwa ya riga ya fara.

Kasafin kuɗi ya ɗan ba mu wuya. Ya ce naira biliyan tara ke hannunsa a shekara. Na ce, "Kai kake tsara yadda za a kashe su?" Ya ce a'a, ƙimar kayan da ke ratsa sito-sitonsa ke nan. Kasafin da shi yake tsarawa, ya kare shi gaban daraktan kuɗi, a tuhume shi in ya zarce, miliyan 620 ne, kuma yana iya sa hannu shi kaɗai har miliyan biyar. Duka lambobin suna da wurinsu, amma kowace da sunanta.

Ya gyara, ya mayar da ita shafi biyu, ya aika. An kira shi. Ya dawo jiki a sanyaye, bayan mako biyu aka yi masa godiya.

Wannan ya ɗaure mini kai, don na san shi a magana, ba ya rikicewa. Na ce ya maimaita mini tambayoyin ɗaya bayan ɗaya. Ya ce komai ya tafi daidai har wata mata daga sashen kuɗi ta ɗora yatsa a kan layi guda ta ce, "Katan nawa?" Bai gane inda ta dosa ba, ya ce zai duba. Daga nan hirar ta yi sanyi.

Na karɓi takardar. Layin wani ne da ya ƙara bayan rabuwarmu: ya faɗaɗa kasafin sashensa daga miliyan 310 a 2022 zuwa miliyan 620 a 2024. A ganinsa ci gaba ne. Amma sashensa kashe kuɗi yake yi, ba shigo da su ba. Kuma tsakanin waɗannan shekaru an cire tallafin mai a Mayun 2023, an saki naira a Yuni, dala ta tashi daga wajen naira 460 zuwa sama da 1,500 a 2024. Duk wanda ya riƙe kasafi a lokacin ya ga ya kumbura ko da barci yake yi. Matar tana son ta san ko hauhawar farashi ce, ko ɓarna, ko kuwa aiki ne ya ƙaru.

Muka zauna da rahotanninsa. A 2022 ya rarraba katan miliyan 3.1, wato kowane katan ya ci naira 100 kafin ya isa hannun dila. A 2024 katan miliyan huɗu, kowanne naira 155. Ƙarin kashi 55 cikin ɗari ke nan. Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta ce hauhawar farashi ta kai kashi 28.9 a Disambar 2023 da 34.8 a Disambar 2024, in an haɗa su wajen kashi 74. Da kuɗin katan ya bi kasuwa, da ya kai naira 174. Ashe akwai wajen naira 19 a kowane katan da ba a kashe ba, a kan katan miliyan huɗu kuwa miliyan 76.

"Ina suka fito?" na tambaye shi.

Ya ce ai ba wani abu ba ne. Ya lura motocinsu suna kai kaya Gusau da Sakkwato su dawo wayam, sai ya shirya da masu hatsi suna loda musu a dawowa. Sannan ya rubuta wa hukumar gudanarwa takarda cewa a rufe ƙananan sito biyu da ke kusa da juna a haɗe su wuri guda. Sashen tallace-tallace ya ƙi, suna tsoron dilolinsu za su jira kaya. Shi kuwa ya nemi a gwada wata uku, kaya ba su makara ba, aka amince.

A tsohuwar takardarsa wannan yana shafi na huɗu, a matsayin "mamba a kwamitin sake tsarin sito". Ya ɗauka faɗin abin da ya yi yabon kai ne. Na fahimci tarbiyyar da ta sa haka, amma ita ce ta ɓoye abin da ya fi cancantar da shi: ya hango matsala, ya kawo shawara, ya shawo kan wani sashe da ba ya ƙarƙashinsa, kamfani ya canza hanya.

Muka ɗaga shi zuwa saman shafin farko, a layi uku. Na farko girman aikin: shugabanni shida, ma'aikata 58, 'yan kwantiragi 76, kasafi sama da miliyan 600. Na biyu shawarar: shi ya kawo haɗe sito biyu da lodin dawowa, hukumar gudanarwa ta amince. Na uku sakamakon: kaya sun ƙaru da kashi 29, kuɗin katan ya tashi da kashi 55 a lokacin da farashi ya tashi da wajen 74. Na hana shi sa adadin katan da ainihin kuɗin kowanne, don sirrin maigidansa ne, kaso ya isa. Na kuma ce ya nuna wa wanda zai ba da shaida a kansa lambobin tukuna, kada a buga waya a ji wata magana daban.

Wurare biyu sun kira shi. Ɗaya ya faɗa masa a fili cewa bai taɓa riƙe ɓangaren shigowar kuɗi ba, su kuwa darakta suke so mai amsa tambaya a kan riba da asara gaba ɗaya. Wannan giɓi ne na gaske, rubutu ba ya cike shi. Yanzu ya nemi kamfaninsa ya ba shi lissafin kuɗin lodin dawowar a matsayin sashe mai zaman kansa, da ribarsa da asararsa, yayin da yake jiran zagaye na biyu a ɗaya wurin.